Kumfa kafin loma: yadda ake ƙera taken wanke hannu na yara

Duk shekara idan 15 ga Oktoba ta matso, wato Ranar Wanke Hannu ta Duniya da aka fara a 2008, sai fastoci su cika gari. Ku duba wannan da kyau: "Tsafta tushen lafiya, mu haɗa kai mu kare yaranmu daga ƙwayoyin cuta." Magana ce mai kyau, babu ƙarya a cikinta. To amma ku ɗauka yaro ne ɗan shekara bakwai, an kaɗa ƙararrawar tara, yunwa na cinsa, ga abinci a gabansa. Me fastar nan ta ce masa ya yi? Ba ta ce masa komai ba. Da manya take magana.

Wani ɓangare na ƙera take ba shi da wuya. A san yaran da ake nufi, a yi da harshen da suke wasa da shi, a gajarta. Wannan kowa ya sani, mu wuce.

Inda ake tuntuɓe shi ne a ɗauka aikin take shi ne koyarwa. Ku tambayi 'yan aji biyu ko hannu mai datti na kawo ciwon ciki, za su amsa da ƙarfi har rufin aji ya ɗauka. Sun sani sarai, mantuwa ce ke cin su a daidai lokacin da hannu zai shiga abinci. Saboda haka take yana buƙatar abu biyu: lokacin da za a yi aikin, da aikin kansa.

Bari mu gyara fastar a kan allo. Mu goge "ƙwayoyin cuta", tunda yaro bai taɓa ganinsu ba, kuma ciwon da zai zo jibi ba ya tsorata mai jin yunwa yanzu. Mu goge "mu haɗa kai", wannan na wurin taro ne. Sai mu rubuta: "Wanke hannu kafin ka ci abinci." An samu lokaci, an samu aiki. Da sauran gyara dai. Ku ɗauka ga wata yarinya. Ta tsoma yatsu a ruwa, ta yarfe, ta goge a riga, daƙiƙa uku ta gama. A wurinta ta bi umarni. Ruwa kaɗai ba ya ɗauke maiƙon da datti ke maƙalewa a ciki, sai an sa sabulu an cuɗa kamar daƙiƙa 20, har tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce.

Don haka sai a saka abin da ido zai gani ya shaida cewa an yi daidai: "Kumfa kafin loma." Kalma uku. Ba a samun kumfa sai da sabulu da cuɗawa, loma kuwa ita ce ke tuna masa. Malami zai iya cewa "kumfa", aji ya amsa "kafin loma", har da tafi. Kuma yaro zai iya yi wa ɗan'uwansa tsiya da shi: kai, ina kumfarka? A ganina wannan tsiyar ta fi fasta goma aiki.

A Ghana, a 2003, an yi wani tallan talabijin da ya bi irin wannan tunani. Maimakon lacca a kan gudawa, sai aka nuna uwa ta fito daga bayan gida da wani launi a hannunta, duk abin da ta taɓa ya kama, har abincin ɗanta. Ƙyama aka tayar wa masu kallo, ta abin da suke gani da idonsu.

Kafin a kai wa mai buga fasta, a gwada. A faɗa wa yara sau ɗaya, kada a yi bayani. Washegari a ce su maimaita, sannan a ba su ruwa da sabulu a ce su nuna. Idan sun canza kalmomin, galibi nasu sun fi zama a baki, a ɗauka. Idan an fara gangami kuma, kada a tsaya ga tambayar "kana wankewa?", don kowa zai ce e. A tsaya nesa lokacin cin abinci a ƙirga masu ɗaukar sabulu.

Sai a manna taken daidai inda ake layin abinci, da ruwa da sabulu a gefensa. Alƙaluman WHO da UNICEF sun nuna cewa a 2019, kashi 43 cikin 100 na makarantun duniya ba su da wurin wanke hannu mai ruwa da sabulu. A irin wannan makaranta, kuɗin fasta a fara sayen bokiti mai famfo da sabulu da shi.