Me Ya Sa Alamar Take Juyawa Idan An Ninka Da Mainos?

[Hoto: takardar aikin gida a kan tebur, an zagaye tambaya ta shida da jan biro]

Wannan takarda ce ɗaliban ajina suka tafi da ita gida a makon jiya, tambayoyi goma a kan rashin daidaito, wato lissafin da ake cewa wannan ɓangare ya fi wancan, ko bai kai shi ba. Biyar na farko kusan kowa ya ci. Da aka zo ta shida sai jan biro ya yi yawa, kuma abin da ya ja hankalina shi ne duk a layi ɗaya aka faɗi. Ga tambayar:

7 − 3x ≥ 16

Matakin farko ba ya ba kowa wahala. Mu ɗebe 7 daga kowane ɓangare, a hagu ya rage −3x, a dama ya rage 9.

−3x ≥ 9

Alamar tana nan yadda take, ba mu taɓa ta ba. To, nan ne ramin yake. Yaro zai raba ɓangarorin biyu da −3, ya samu −3, ya rubuta x ≥ −3, ya ja layi biyu a ƙasa yana murna. Lambar daidai ce, amma alamar tana kallon inda bai kamata ba. Amsar gaskiya ita ce x ≤ −3.

Na san an gaya muku dokar: idan ka ninka ko ka raba da lamba mai mainos, ka juya alama. Ni dai a ganina haddar dokar ita kaɗai ba ta isa, domin abin da aka haddace ba tare da dalili ba, ranar jarrabawa yake guduwa. Ku ajiye x tukuna, mu ɗauki lambobin da muka sani.

[Hoto: layin lambobi daga −6 zuwa 6, sifili a tsakiya]

Ga 2, ga 5. Kowa ya yarda 2 bai kai 5 ba. A kan wannan layi, duk lambar da ta fi kusa da hannun dama ita ce babba, kuma 5 tana dama da 2. Wannan shi ne duk ma'anar alamar: wa ke dama, wa ke hagu.

Yanzu mu ƙara 1 a kan kowacce. 2 ta koma 3, 5 ta koma 6. Kun ga tare suka matsa, taku ɗaya ɗaya, wadda ke gaba tana nan a gaba. Mu ɗebe 10 daga 2 da 5 ma haka ne, tare za su ja baya, su zama −8 da −5, kuma har yanzu wadda ta fito daga 5 ce a dama. Mu koma kan 2 da 5 mu ninka su da 3, su zama 6 da 15, tazarar ta buɗe amma jerin bai canza ba.

To, ku zuba ido a nan. Zan ninka su da −1.

[Hoto: an kafa ƙusa a kan sifili, layin ya juya gaba ɗaya kamar hannun agogo, rabin zagaye]

Kun gani? Wannan karon ba matsawa suka yi ba, layin ne kacokan ya juya a kan sifili. 2 ta faɗa kan −2, taku biyu daga sifili ta hagu. 5 kuwa da yake ta fi nisa da sifili, da aka juya sai ta fi zurfi a hagu, ta sauka kan −5. Wa ke dama yanzu? −2 ce. Wadda take a baya ɗazu ta koma gaba. Saboda haka 2 < 5 ya zama −2 > −5. Ba mu muka ga dama muka juya alamar ba. Lambobin ne suka yi musayar wuri, alamar kuma dole ta faɗi gaskiyar abin da ke kan layi.

Idan har yanzu zuciyarka na cewa ai biyar ta fi biyu ko da mainos, to mu shiga kasuwa. Mai naira 500 a aljihu ya fi mai naira 200. Amma a ce kuɗin nan bashi ne a littafin mai shago, ana bin wannan 500, ana bin wancan 200. Wa ya fi kwanciyar hankali idan ya zo wucewa ta ƙofar shagon? Wanda ake bi 200 mana. Mainos ya mayar da abin hannu ya zama bashi, sai mai yawa ya koma ƙasa.

Ninkawa da −3 kuwa aiki biyu ne a haɗe: ka buɗe tazara sau uku, sannan ka juya layin. Rabawa da −3 ma haka, ka matse tazarar, sannan ka juya. Juyin nan guda ɗaya shi ke juya alama.

Mu koma kan tambayarmu. −3x ≥ 9, mun raba da −3, layi ya juya, mun samu x ≤ −3.

Kada ku yarda don ni na faɗa, ku gwada. Ɗauki lamba ƙasa da −3, a ce −4. Idan ka ninka −3 da −4 ka samu 12, ka haɗa da 7 ya zama 19. Shin 19 ta kai 16? Ta kai har ta wuce. Yanzu ɗauki sifili, wanda amsar kuskure ta ce ya shiga. 7 ɗebe sifili, 7 ke nan. 7 ta kai 16? Ina! Wannan gwaji bai ɗaukar rabin minti, kuma shi zai tona kuskuren tun kafin malam ya gani.

Akwai ma hanyar da ba sai ka raba da mainos ba. Ƙara 3x a kowane ɓangare, ka samu 7 ≥ 16 + 3x. Ɗebe 16, ka samu −9 ≥ 3x. Raba da 3, ka samu −3 ≥ x. Karanta shi daga dama: x bai wuce −3 ba. Amsa ɗaya ce, ta wata ƙofa.

[Hoto: hannu yana zana layin lambobi]

Zanen amsar ba shi da wuya. Nemo −3, yi ɗan da'ira a kanta. Da yake alamarmu tana da ɗan layi a ƙasa, −3 ita kanta tana cikin amsa, sai ka cike da'irar baƙi ƙirin. Da a ce x < −3 ne, sai a bar cikinta fari, alamar cewa nan ce iyaka amma ba a taka ta. Daga nan ja kibiya zuwa hagu, ta bi ta kan −4, −5, ta yi ta tafiya.

Saura tambaya ta takwas, domin wasu da suka ji labarin juyawa sai suka wuce gona da iri.

2x > −8

Sun hango mainos a jikin 8, suka juya alama. A'a. Ka tambayi kanka, da me nake rabawa? Da 2 ne, ita kuwa ba ta da mainos, don haka layi bai juya ba. Amsar x > −4 ce, da'ira fara a kan −4, kibiya zuwa dama. Saka sifili ka gani: 0 > −8, gaskiya ne.

Tambaya ta tara tana kan allo, 5 − 2x < 11. Ku tsayar da bidiyon ku yi ta, ku zana layin, sannan ku gwada amsarku da sifili kafin ku ci gaba.