Ka yanke hoto sosai: zai wanku babba kuwa?

A ce kana da wani hoto. Mutum goma ne a tsaye, amma fuskar mutum ɗaya kake so, sai ka yanke sauran. A fuskar waya ta fito tas. To in aka wanke ta babba fa?

Kowane hoto tarin ƙananan ɗigo ne da ake kira fiksel. Kamara mai megafiksel 24, wato ɗigo miliyan 24, tana ba da ɗigo 6000 a faɗi, 4000 a tsawo. Duk abin da ka yanke, ɗigonsa sun tafi ke nan, kuma asarar ta fi yadda ido yake zato. In ka bar rabin faɗi da rabin tsawo, kashi ɗaya cikin huɗu ne ya rage, wato megafiksel 6.

Mu koma kan fuskar nan. Buɗe bayanan fayil ɗin, ko Image Size in kana Photoshop. Ga shi, 1200 a faɗi, 800 a tsawo. Ko megafiksel ɗaya bai cika ba.

Yanzu sai lissafi. Hoton da za a riƙe a hannu a duba kusa yana son ɗigo kamar 300 a kowane inci. Raba 1200 da 300, ka samu inci 4. Iyakar faɗinsa ke nan in kana son ya fito garau. Amma in a bango za a rataye shi, ana kallo daga 'yar tazara, 150 ma kan wadatar, sai ya kai inci 8. Shi ya sa nake fara tambayar inda hoton zai zauna kafin in ce zai yiwu ko ba zai yiwu ba.

Sai dai lissafi kaɗai ba ya yanke hukunci. Kai girman kallo zuwa 100%, ka dubi ido. Gashin ido ya rabu ɗai-ɗai, ko ya cure? Gefen fuska yana da kaifi? In hannu ya girgiza lokacin ɗauka, ko saitin kamara ya sauka kan na kusa da shi, za ka ga dishi-dishi, kuma ƙara girma fito da shi fili zai yi. Haka ma in ka ga fata ta rarrabu gida-gida: an matse fayil ɗin, galibi wajen turawa ta manhajar hira. Nemi na asali daga kamarar, ka sake yankawa.

Kada kuma Resample, zaɓin Photoshop mai ƙara wa hoto ɗigo, ya ruɗe ka. Sababbin ɗigon da yake ƙarawa kintato su yake daga na kusa da su. Yana iya kai hoto mai kaifi ninki biyu ba tare da ya ɓaci sosai ba, amma ba zai dawo da gashin idon da kamara ba ta kama ba.

In har yanzu kana kokwanto, saita hoton a girman da kake so, ka ciro wurin ido da baki kawai, a wanke a ƙaramar takarda. Manna ta a bango, ka ja baya zuwa inda masu kallo za su tsaya, ka duba.