Me ya sa tirela ke rarrafe a kan hawa? Lacca kan lissafin fawa

Wannan laccar wani malamin fiziks ne ya yi wa ɗaliban kanikanci da wasu direbobin manyan motoci, aka naɗa a waya, ni kuma na rubuto ta kamar yadda ya faɗa, sai ƴan gyare-gyare.

Assalamu alaikum. Jama'a, duk wanda ya taɓa bin Hawan Kibo zai shiga Jos ya san yadda tireloli ke yi a wurin, mota tana gurnani tana hayaƙi amma gudun nata ko keke zai iya wuce ta. To yau lissafin wannan abin za mu yi, wato fawa nawa, ma'ana yawan aikin da inji ke yi a kowace daƙiƙa, ake buƙata a ja lodi a hau tudu da gudu ɗaya, ba ƙari ba ragi.

Ku fara riƙe wannan "gudu ɗaya" ɗin da kyau domin shi ne ke sauƙaƙa mana komai. Idan mota ba ta ƙara gudu kuma ba ta raguwa, to ƙarfin da inji ke janta da shi gaba daidai yake cif da ƙarfin da ke janta baya. Don haka ba sai mun buɗe inji ba, mu dai ƙirga abin da ke jan motar baya, shi ke nan mun san abin da inji ke bayarwa.

Abu biyu ne manya. Na farko nauyin motar, amma fa ba dukkansa ba, nan ne ɗalibai ke faɗawa rami a jarrabawa. Yawancin nauyin titi ne ke ɗauke da shi, wani ɗan kaso ne kawai yake zamewa ya bi gangara, kuma tsinin hawan ne ke yanke girman kason. Idan an ce hawa kashi 6 cikin 100 ne, ana nufin duk tafiyar mita 100 ka tashi sama mita 6, to kusan kashi 6 cikin 100 na nauyin ne ke janka baya. Na biyu shi ne turjiyar taya, yadda taya ke lotsewa tana miƙewa a kan kwalta, wannan a babbar mota mai iskar taya daidai wajen kashi 1 cikin 100 ne na nauyin. Akwai iska ma, amma a gudun rarrafe ba ta taka kara ta karya ba, mu ajiye ta. A allo ga yadda yake:

```
F = mg sinθ + μmg cosθ
P = F × v
```

F ƙarfin ja ne ana auna shi da niyuton, m nauyin motar ne a kilo, g ƙarfin jan ƙasa, θ tsinin hawan, μ kason turjiyar taya, v gudu ne a mita cikin daƙiƙa, P kuma fawa a wat.

Mu ɗauki tirela da ita da kayanta tan 30, kilo 30,000 ke nan. Mu ɗauki g a matsayin 10 don kada mu wahalar da kanmu, nauyi ya zama niyuton 300,000. Hawan mu ce kashi 6 ne, kashi 6 na 300,000 shi ne 18,000. Taya kashi 1, 3,000. Haɗa su, niyuton 21,000 ke jan motar baya, shi kuma inji dole ya biya. Yanzu direba yana so ya hau da gudun kilomita 36 a awa, kada ku kuskura ku zuba 36 ɗin nan cikin lissafi haka, sai an raba shi da 3.6 ya koma mita 10 a daƙiƙa. 21,000 sau 10, wat 210,000, kilowat 210 ke nan, idan ka raba 210,000 ɗin da 746 ka samu hosfawa wajen 280. Kuma wannan a bakin taya ne fa, tsakanin inji da taya akwai giyabos da sauran ƙarafa da ke cin nasu rabon, idan mun ce kashi 85 ne ke isowa to inji sai ya ba da kusan hosfawa 330.

Ku duba motar nan dai a shimfiɗaɗɗen titi da gudun nan: 3,000 sau 10, kilowat 30, hosfawa 40 kacal. Ɗan hawan da ido ma bai cika ganin tsininsa ba ya ninka buƙatar sau bakwai.

To sai mai kaya ya zo ya ce oga a ƙara, motar nan tana ɗauka, aka cika ta ta koma tan 45. Ƙarfin ja ya tashi zuwa 31,500, inji kuma dai shi ne, 210,000 ɗin nan ita ce iyakarsa. Raba 210,000 da 31,500, ka samu mita shida da ɗigo bakwai a daƙiƙa, kilomita 24 a awa. Ka taka totur har ƙasa ba za ta wuce nan ba, iyaka dai baƙin hayaƙi da allurar zafi tana hawa, in lagireto ba shi da lafiya kuma sai tsayawa a tsakiyar hawa yaron mota ya diro da gudu yana neman abin tare taya. Ga shi kuma Jos tana sama da mita 1,200 daga matakin teku, iska ta fi sirantaka, injin da ba shi da tabo, wato na'urar da ke cusa masa ƙarin iska, yana iya rasa wajen kashi 10 na ƙarfinsa a can.

(Wani direba ya ɗaga hannu ya ce: "Malam, ai in na dawo giya ɗaya ƙarfi ƙaruwa yake yi, ina jinsa a jikina.")

Yawwa Alhaji, gaskiyarka, amma wane ƙarfin? Ƙarfin ja ne ya ƙaru, F, shi kuwa fawa yana nan inda yake. Tunda P shi ne F sau v, in ka ninka ɗaya dole ɗayan ya rabu biyu, giya canji kawai take yi maka, ka ba da gudu ka karɓi ƙarfin ja. Amfaninta na biyu shi ne tana barin inji ya juya a inda ya fi ba da fawa, shi ya sa in ka makara ba ka sauko da giya ba za ka ji inji yana shaƙewa yana kakkarwa, kana da hosfawa 330 a takarda amma a wannan juyin ko rabi ba ka samu. Kuma hawa a hankali bai rage aikin ɗaga motar zuwa saman tudun ba, aikin yana nan, lokaci ne ya ƙaru. In ka hau da kilomita 18 maimakon 36 fawa ya koma kilowat 105, amma za ka ninka lokacin da za ka yi a kan hawan.

(Wata ɗaliba ta tambaya ko lissafin yana aiki a kan mutum.)

Sosai ma, ƴata. Ɗauki mai ruwa da kurarsa, jarkoki da kurar mu ce kilo 300, niyuton 3,000. Hawa kashi 5 ya ba da 150, tayar kura a kan turɓaya mu ce kashi 2, 60, jimla 210. In yana tafiyar mita ɗaya a daƙiƙa wat 210 ke nan, alhali mutum in aiki ne na tsawon yini abin da yake iya riƙewa bai fi wat 75 zuwa 100 ba. Shi ya sa za ki ga yana yanka titin a karkace, ya yi dama ya dawo hagu, tafiyar ta yi tsawo amma tsinin da yake fuskanta ya ragu, F ya sauka.

Abu na ƙarshe kafin a kira sallah, ku ɗalibai ku kula da bambancin kashi da digiri. Hawa mai digiri 6 ya fi kashi 10 cikin 100, in ka rikita su a tirelarmu 18,000 ɗin nan zai koma sama da 31,000. In tambaya ta ba ku digiri ku danna sin a kalkuleta, ku kuma tabbata allon yana nuna DEG ba RAD ba. Mako mai zuwa za mu yi saukowa, inda birki ne zai shanye wannan fawa ya mayar da shi zafi.