Laccar da anka yi ma ma'aikatan ƙananan asibitocin karkara a Kabi kan kwalin allura da shara mai cuta

Assalamu alaikum. 'Yan uwa ma'aikata, na baya kuna jina ko? To madalla.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 85 cikin 100 na sharar asibiti shara ce kawai irin ta gida, takardu, kwalin magani, ledar fiya wata. Amma da zarar kin jefa auduga mai jini guda cikin bokitin irin wannan shara, to duka ya koma mai cuta. Shi ya sa rabon shara a hannun mai aiki ake yin shi, lokacin da ake aikin, ba wai sai baba mai shara ya zo da marece ya sa hannu yana tsinta ba. Baƙar leda shara ce ta yau da kullum, ruwan ɗorawa ta auduga da bandeji da safar hannu da sunka taɓa jini ko mugunya.

Allura kuwa ba ta shiga leda ko wace iri, sai kwalin nan, sefti bos. Ranar rigakafi uwa na riƙe da yaro yana ta zillo, kin yi allura, kwalin na can bakin ƙofa, sai ki ce bari in maida murfi tukuna, to nan ne ake yawan sokewa. Kada a maida murfi, kada a lanƙwasa, kada a cire allura daga sirinji. Kwalin ya zauna inda hannu ke kaiwa kina zaune. In ya kai kashi uku cikin huɗu a rufe, ban da dannawa da yatsa wai don ya ƙara ɗauka, kuma kada a aje shi ƙasa mai laima, kwali ne, gindin na jiƙewa allurai su leƙo.

Wanda allura ta soka ya wanke da ruwa da sabulu, kada ya tsotsa, ya faɗa ma incaji nan take. Maganin kariya daga ƙanjamau cikin awa 72 ake fara shi, a sha kwana 28. Kuma ciwon hanta nau'in B ya fi saurin kamu nesa ba kusa ba, in allurar ta mai cutar ce haɗarin na iya kai kashi 30, na ƙanjamau 0.3, don haka har mai shara a yi mai rigakafin hanta.

Sai batun ƙonawa. Wutar rami na cinye kwali da roba amma ƙarfen allura na nan cikin toka da tsininsa, yara ko babu takalmi suke bi bayan asibiti. In ƙaramar hukuma na kwasar kwalaye zuwa injin ƙonawa, a kulle su ɗaki har mota ta zo. In babu, rami mai shinge, a ƙone, a bi toka da ƙasa ran nan. Ku na fadama wajen Argungu ku lura, da damina ruwa na kusa, gindin rami ya zan aƙalla mita 2 sama da ruwan ƙasa, kuma mita 50 daga rijiya. Ledar ruwan ɗorawa kuma kada ta wuce awa 24 a aje lokacin bazara.

Malama, na ga hannunki sama, bismilla.