Hular sanyi: kunne za ku duba kafin kai

Tun da hunturu ya shigo ake yaɗa wata magana a waya, wai rabin ɗumin jikin mutum ta kai yake fita. Jama'a, ba haka ba ne. Tana cikin wani littafin sojojin Amurka na 1970 da ya ce kashi 40 zuwa 45 cikin ɗari. A 2008 likitoci biyu suka bi diddiginta a mujallar likitanci ta BMJ, suka nuna ba ta da tushe. Kan babba bai wuce kusan kashi 10 na fatar jikinsa ba, ɗumin da yake zubarwa ma kusan hakan ne. Hula ba za ta maye gurbin rigar sanyi ba.

To me ya sa kai ya fi damunmu? Ku dubi wannan ɗan kabu-kabun da ya fito bayan sallar asuba zai nufi Tsohuwar Kasuwa. Hularsa mai kauri ce, har da tuntu, amma ta tsaya a saman kunne. Nan ne kuskuren, kuma shi na fi gani a titunan Sakkwato. Kunne fata ce siririya a kan guringuntsi, ba kitsen kirki, ba gashi, ga shi ya fito waje iska na bugunsa gaba da baya. Shi ke fara yin raɗaɗi tun kafin tsakar kai ta san ana sanyi. Ni dai siririyar hula da ta rufe kunne har ƙasa ta fi mini mai kaurin da ta bar shi a fili, musamman mai naɗi a baki, don ta ba kunnen rufi biyu.

Ga yadda ake gwadawa. Ka sa ta, ka juya kai dama da hagu, ka sunkuya kamar mai ɗaura takalmi. In ta zame ta saki kunnen, mayar wa mai kaya abinsa. Galibin kan manya santimita 54 zuwa 58 ne, kuma hular saƙa sai ta ɗan fi kai ƙanƙanta kafin ta kama. Amma in ta bar shata a goshi, ta matse da yawa.

Yadi kuwa, ɗaga ta ka duba ta rana. Ka ga haske na ratsa ta? Haka iska za ta ratsa ta a kan babur. Ulu yana riƙe ɗumi ko da ya ɗan jiƙe, akirilik, wato zaren roba, ya fi araha da saurin bushewa, auduga kuma tana shan gumi ta koma sanyi.

Iyaye mata, jariri daban ne: kansa ya kusa kashi ɗaya cikin biyar na fatarsa. A sa masa hula in za a fita da shi da safe, a cire in zai yi barci a ɗaki, kada zafi ya yi masa yawa.