Sharhi: Ranar haihuwar da muke rubutawa a salula

Jama'a masu saurare, na cikin garin Maraɗi da na kewaye, assalamu alaikum. Sharhinmu na yau a kan ɗan gurbin nan ne da ake cikewa da gaggawa in za a buɗe Facebook ko TikTok ko adireshin Gmail, inda ake tambayar rana da wata da shekarar haihuwa.

Yawancin waɗannan kamfanoni ba sa karɓar wanda bai kai shekara 13 ba. Asalin ƙa'idar wata doka ce da Amurka ta kafa a 1998, wadda ta hana kamfanonin intanet tattara bayanan yaron da bai kai 13 ba sai da yardar iyayensa. Da yake manyan kamfanonin can suke, ko kuma can babbar kasuwarsu take, sai ƙa'idar ta biyo manhajojin har cikin salularmu. A lokacin rajista ba wanda ke neman takardarka. Na'ura ce ke lissafi daga shekarar da ka rubuta: in ka kai ta buɗe maka, in ba ka kai ba ta hana. Neman hujja sai daga baya, ranar da wani abu ya ɓaci.

Mu ɗauka wata ƴar kasuwa ce da ke sayar da atamfa, an haife ta a 1984, ta daɗe da asusun Google da mai sayar da waya ya buɗe mata a babbar kasuwa. Wata rana saƙo ya fito yana neman ta sa ranar haihuwa. Ta miƙa wa ɗanta, shi kuma cikin sauri ya taɓa 2024 a maimakon 1984. A wurin na'ura, Hajiya ta koma ƙaramar yarinya nan take.

Google zai ba ta kwana 14. A cikinsu wayar na aiki kamar kullum, abin da ke sa mutane sakaci ke nan. Hanya biyu gare ta: ko a sa asusun ƙarƙashin kulawar uwa ko uba kamar na yaro, ko ta tabbatar da shekarunta da hoton katin ɗan ƙasa ko fasfo, ko da katin bashi na banki, wanda kaɗan ne a cikinmu ke da irinsa. In kwana 14 suka cika ba ta yi komai ba, a rufe asusun, bayan kwana 30 kuma a goge abin da ke ciki. Lambobin abokan cinikinta na Kano da Jibiya da ta ajiye a asusun, da hotunan kaya, duk suna iya tafiya. Don haka in saƙon ya zo, a ɗauki hoton katin cikin haske, kusurwoyinsa huɗu su fito, a tura tun ranar.

A nan ne muke da tamu matsalar. Da yawa daga cikinmu ba a yi mana takardar haihuwa da wuri ba, sai daga baya aka je kotu, aka ƙiyasta shekara, aka rubuta 1 ga Janairu. Mutum ya san da damina aka haife shi, amma mai duba ƙorafinsa katin kawai zai gani. Shawarata, ranar da ke kan katinka ita za ka sa ko'ina. A kuma duba tsarin gurbin, domin wayar da ke kan Faransanci rana take sawa kafin wata, ta Ingilishin Amurka kuma wata ne farko. A asusun Google ana duba ranar a myaccount.google.com, ƙarƙashin Informations personnelles. Facebook na bari a gyara amma ya taƙaita sau nawa, TikTok kuwa sai an tura musu buƙata.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙarin shekaru da iyaye ko yayye ke yi wa yara da hannunsu. Yarinya mai shekara 10 aka rubuta mata 15 don asusun ya buɗe. Lissafin ba ya tsayawa: bayan shekara 3 na'ura ta ɗauke ta mai 18, alhali 13 gare ta. A TikTok wanda bai kai 16 ba ba ya aika saƙon sirri ko karɓarsa, fitowa kai tsaye kuma sai 18. Ita duk an buɗe mata waɗannan ƙofofi tun tana ƙarama, baƙon namiji na iya rubuto mata. In kuma aka kai ƙara ko kamfanin ya yi shakka ya rufe asusun, ba takardar da za ta tabbatar da ranar da aka rubuta, tunda ba tata ba ce. Wanda ke son yaronsa ya yi amfani da wayar Android kafin 13, akwai manhajar Family Link ta Google, inda uba ko uwa ke buɗe asusun da ainihin shekarun yaron, su riƙe ikon amincewa da manhajojin da zai sauke da kuma ƙayyade lokacin da zai yi a kan wayar.