Dala 3,000, hanyoyi uku: hannun jari, ETF da fyucas

Hadiza: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Ina tare da Malam Sani da kuma Usman. Tambayar yau ita ce wadda sabon shiga yake fara cin karo da ita da zarar ya buɗe asusu wurin dillali: hannun jarin kamfani zai saya, ko asusun ETF mai tattara hannun jarin kamfanoni da yawa, ko kuwa kwantiragin fyucas, wato yarjejeniyar saye ko sayarwa a wata rana mai zuwa a kan farashin da aka tsayar yau? Malam, daga ina za mu kamo?

Malam Sani: Wa alaikumus salam, Hajiya. Mu kamo daga kuɗi, kada mu tsaya dogon bayani. A ce mutum yana da dala 3,000, ya kuma yi imani kasuwar hannun jarin Amurka za ta tashi. Mu ɗauki ma'aunin S&P 500, wanda yake bin manyan kamfanoni kusan 500, mu ƙaddara yana kan maki 6,000 don lissafi ya zo da sauƙi. Hasashen mutumin ɗaya ne, amma abin da zai same shi ya danganta da ƙofar da ya bi.

Usman: To a fara da hannun jarin, Malam, tunda shi kowa ya sani.

Malam Sani: Shi ba shi da wuyar fahimta. Ka sayi wani yanki na kamfani, naka ne, ba ranar da zai ƙare. In kamfanin ya raba riba, a ba ka kasonka. In da kuɗinka ka saya ba bashin dillali ba, iyakar asararka ita ce dala 3,000 ɗin nan, ba mai bin ka ko sisi. Inda gizo ke saƙar shi ne kamfani ɗaya ne. Kasuwa tana iya tashi naka ya faɗi. Hannun jarin kamfanin makamashi na Enron ya kai wajen dala 90 a shekarar 2000, kafin ƙarshen 2001 bai kai dala ɗaya ba. Bankin Lehman Brothers ya rushe a Satumbar 2008. Dukansu manya ne, kuma suna cikin S&P 500 ɗin.

Hadiza: Wato wanda ya riƙe ma'aunin baki ɗaya shi ma abin ya taɓa shi?

Malam Sani: Ya taɓa shi, amma ɗan kaso kaɗan na kuɗinsa ne a cikin kamfanin da ya mutu. Amfanin ETF ke nan. Asusu ne da ya sayi hannun jarin kamfanonin duka, kai kuma ka sayi yankin asusun a kasuwa, kamar yadda za ka sayi hannun jarin kowane kamfani. Wanda ya fi daɗewa a Amurka shi ne SPY, tun 1993 yake. Kuɗin kula da shi bai kai kashi 0.1 cikin ɗari a shekara ba, wato a kan dala 3,000 bai cika dala 3 ba. In ma'auni ya sauka kashi 5 cikin ɗari, ka rasa dala 150 a takarda, shi ke nan. Ba wanda zai kira ka, ba wanda zai tilasta maka sayarwa.

Usman: Malam, a nan ne matasa suke ƙorafi. Kashi 5 cikin ɗari na dala 3,000 dala 150 ne kacal in ya tashi ma. Mutum zai ce yaushe zan tara abin kirki da wannan? Shi ya sa ake ta tallata fyucas, ana cewa da ɗan kuɗi kaɗan za ka juya babban jari.

Malam Sani: Gaskiya suka faɗa, amma rabinta. Bari mu buɗe cikin kwantiragin. Kasuwar CME da ke Chicago ta fito da ƙaramin kwantiragi a Mayun 2019, wanda za ka gani a allo da sunan MES. Darajarsa dala 5 ce sau makin ma'auni. Tunda mun ce maki 6,000, kwantiragi ɗaya yana wakiltar dala 30,000. Ba za a ce ka kawo 30,000 ba. Za a ce ka ajiye kuɗin jingina, abin da 'yan kasuwa ke kira majin. Adadinsa yana canzawa, amma a misalinmu mu ce dole asusunka ya kasance da dala 2,000 a kowane lokaci.

Hadiza: Ke nan mai dala 3,000 ya isa ya shiga.

Malam Sani: Ya isa, har da rarar dubu ɗaya, sai ya ji kamar yana da sarari. Amma ki duba, Hajiya: da dala 3,000 ya ɗauki nauyin 30,000, ninki goma. Kowane maki ɗaya dala 5 ne. In ma'auni ya tashi kashi 5 cikin ɗari, maki 300 ke nan, ya samu dala 1,500. Wannan shi ne rabin da ake tallatawa. In ya sauka da wannan kashi 5 ɗin, rabin kuɗinsa ya tafi, alhali mai ETF dala 150 ya rasa.

Usman: Amma ai shi ma yana iya haƙuri ya jira kasuwa ta dawo, ko?

Malam Sani: Yawwa, Usman, ka taɓo ainihin wurin. Ba zai iya ba, sai in yana da wasu kuɗin a gefe. A fyucas kullum ake yin lissafi. Duk ranar da aka rufe ciniki, a cire asarar ranar daga asusunka a zuba wa wanda ke ɗaya ɓangaren. Ba asarar takarda ba ce, kuɗi ne suke fita. Rarar mutuminmu dala 1,000 ce, wato maki 200, kashi 3 da 'yan kai cikin ɗari. Da zarar an wuce nan, asusunsa ya sauka ƙasa da 2,000, dillali zai nemi ya cika, in bai cika ba a rufe masa kwantiragin. Dillalai da yawa ma na'ura ce ke rufewa nan take, ba kira ba sallama.

Hadiza: Sai kuma bayan mako biyu kasuwa ta koma 6,000.

Malam Sani: Ta koma, har ta wuce. Mai ETF ya dawo da dala 150 ɗinsa bai ɗaga ko yatsa ba. Mai fyucas hasashensa ya yi daidai, amma an fitar da shi a ƙasa, ya bar dala 1,000 a can. Wannan ne yake damuna da yadda ake tura sababbi cikin fyucas. Saukar kashi 3 ko 5 cikin ɗari ba wani abin mamaki ba ne a wannan kasuwa, ana yawan ganinta. Sabon shiga bai riga ya koyi zama cikin irinta ba, sai a ba shi kayan da ba sa barin mutum ya zauna.

Usman: Iyakar asarar fa? Kun ce a hannun jari ba a wuce abin da aka zuba.

Malam Sani: A fyucas ana wucewa. Ranar 16 ga Maris 2020, S&P 500 ya faɗi kusan kashi 12 cikin ɗari a yini guda. Ka ɗora wannan a kan misalinmu: maki 720, sau dala 5, ya zama 3,600. In ba a samu rufewa da wuri ba, dala 3,000 ta ƙare, kuma dillali yana bin ka 600.

Hadiza: Akwai umarnin da ake sakawa a sayar kai tsaye in farashi ya kai wani wuri. Ba ya kare mutum?

Malam Sani: Yana taimakawa ƙwarai, kuma ban yarda a shiga fyucas babu shi ba. Sai dai umarni ne na sayarwa, ba alkawarin farashi ba. In kasuwa ta rufe ranar Juma'a, wani labari ya fito a ƙarshen mako, aka buɗe daren Lahadi maki ɗari ƙasa da inda ka sa, a sabon farashin za a sayar maka. Hannun jarin kamfani ma yana yin irin wannan tsalle bayan an fitar da rahoton riba, amma can ba ninki goma.

Usman: Na ji ana cewa kwantiragin yana da ranar ƙarewa.

Malam Sani: Yana da ita. Na ma'auni irin MES suna ƙarewa a Juma'a ta uku ta Maris, Yuni, Satumba da Disamba, kuma da kuɗi ake sasantawa. In kana son ci gaba, sai ka rufe wannan ka buɗe na gaba. Na kaya kuwa, wasu kayan ne za a miƙa maka. Kwantiragin ɗanyen man Amurka da ake kira WTI ganga 1,000 ne, a karɓa a Cushing ta jihar Oklahoma. Ranar 20 ga Afrilu 2020, ana gobe kwantiragin Mayu zai ƙare, wurin ajiya ya yi wuya, masu riƙe da shi suka rasa mai saya. Farashi ya rufe a dala 37.63 ƙasa da sifili. Wanda ya saya da safe yana ganin ya yi arha tunda ba zai wuce sifili ba, shi ne ya biya don a raba shi da man.

Hadiza: To, Malam, sai mu ce wa sabon shiga duk abin da aka rubuta ETF a kai lafiya lau ne?

Malam Sani: A'a, Hajiya, a duba abin da ke ciki. Akwai waɗanda fyucas ɗin ne a cikinsu, kamar wasu na man fetur. Akwai kuma masu ninka motsin kowace rana sau uku. Ki ɗauki ma'auni a 100, ya sauka kashi 10 ya zama 90, washegari ya tashi kashi 10 ya zama 99. Asarar kashi ɗaya. Mai ninki uku zai sauka daga 100 zuwa 70, ya tashi kashi 30 ya tsaya a 91. Asarar kashi 9, ba 3 ba. In kasuwa tana kai-komo, haka zai riƙa zaizayewa. Takardar bayanin asusun tana faɗin manufarsa ta yini ɗaya ce, mutane ne ba sa karantawa.

Usman: Kada dai masu sauraro su ɗauka fyucas ba shi da amfani.

Malam Sani: Yana da shi. Manomi da kamfanin jiragen sama suna ɗaure farashi da shi tun kafin lokaci. Ɗan kasuwa ƙwararre yana son sa saboda kuɗin ciniki kaɗan ne, ana buɗe kusan awa 23 a rana, kuma cin riba daga faɗuwar kasuwa bai fi sayarwa wuya ba. Ni dai a ganina ba nan ake farawa ba. A fara da ETF mai faɗi, a zauna da shi har a ga faɗuwa ɗaya ko biyu da ido. In ana sha'awar wani kamfani, a saya da ɗan kaso.

Usman: Wanda ya nace sai ya gwada fa?

Malam Sani: Ya yi lissafi ɗaya kafin ya danna. Ya manta da majin da dillali ya nuna masa, ya ninka farashi da darajar maki, ya raba da kuɗin da ke asusunsa. A misalinmu 30,000 a raba da 3,000, goma ya fito. In da dala 15,000 yake da ita a kan wannan kwantiragi ɗaya, biyu zai fito, kuma sai ma'auni ya sauka sama da kashi 40 cikin ɗari kafin ya taɓa layin 2,000 ɗin nan. Ga babban yayan MES kuma, ES, dala 50 ne kowane maki, wato 300,000 a wannan farashi. Harafi ɗaya ne ya raba su a allo, don haka a duba sau biyu.